Yadda ake rubuta umarnin zane don kuregen littafin yara ya daina sauya kama

Tambaya: Ni malamar firamare ce. Na rubuta ɗan labari na Hausa game da wani kurege mai suna Tanko, shafi 16, don 'yan aji ɗaya da biyu. Ina amfani da manhajar da ke zana hoto da ƙirƙirarriyar basira. Na rubuta mata cewa ina son dabba mai fara'a, launi mai taushi, salo iri ɗaya, amma kowane shafi sai ta ba ni wani kurege daban. Me zan rubuta ya tsaya?

Amsa: Malama, kalmomin nan uku da kika rubuta, wato fara'a da taushi da salo iri ɗaya, kalmomi ne da mutum ke faɗa wa mutum. Da ni kika faɗa wa, zan gane, domin na san yara, kuma idan na zana shafi na biyu ina tune da na farko. Manhajar ba haka take ba. A mafi yawan irin waɗannan manhajoji kowane hoto daga farko ake fara shi, daga wasu ɗigogi barkatai da na'ura ke ta gogewa har siffa ta fito, kuma abin da ke jan ragamar gogewar shi ne rubutun da kika ba ta a wannan karon. Idan kika ce mata `consistent style`, ba ta da abin da za ta daidaita da shi. Duk abin da ba ki faɗa ba, ita za ta zaɓa, kuma gobe wani zaɓin za ta yi. Saboda haka aikinki shi ne ki rage mata wuraren zaɓi, ki mayar da kowace kalma daga cikin ukun nan abin da ido ke gani.

Kafin mu kai ga nan, akwai wani tarko da ya shafi dabbarki musamman. Ina kyautata zaton `squirrel` kika rubuta, kuma abin da ya fito shi ne wani ja ko ruwan toka mai tsayayyun kunnuwa, jelarsa ta murɗe a bayansa kamar alamar tambaya, yana kan reshe riƙe da 'ya'yan wani itace da yaranki ba su taɓa gani ba. Wannan na dazukan Turai da Amurka ne, shi ya cika hotunan da aka horar da manhajar da su. Kuregenmu na ƙasa ne. Rami yake haƙawa, jikinsa ruwan ƙasa mai haske, da farin layi guda ɗaya a kowane gefen haƙarƙari daga kafaɗa zuwa cinya, kunnuwansa 'yan mitsi-mitsi kamar an liƙa su, jelarsa doguwa mai faɗi. Yaron da ya taɓa bin babansa gonar gyaɗa ya san shi sarai, ya ga yadda yake tsayawa da ƙafafun baya yana leƙe. Sunan da za ki rubuta shi ne `African ground squirrel`. Amma ki yi hattara da kalmar `striped`. Da kin sa ta, manhajar za ta karkata zuwa wata ƙaramar dabbar Amurka mai layuka da yawa a baya da fuska, wadda suke kira `chipmunk`. Shi ya sa nake ƙirga layin: guda ɗaya, fari, a gefe. Haka gyaɗa. `groundnut` kan ba da abu mai kama da ƙwallon goro ko wani abin da ba a san kansa ba, `peanut in its shell` kuwa kan ba da gyaɗa da ɓawonta.

Yadda nake yi shi ne in raba umarnin gida uku. Kashi na farko bayanin dabbar, na biyu abin da ke faruwa a shafin, na uku salon zane. Na farko da na uku ana rubuta su sau ɗaya, a adana su a wani wuri, kullum a kwafo su a liƙa yadda suke, ko waƙafi ba a taɓawa. Na tsakiya kaɗai ke sauyawa. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya riƙa sake rubuta bayanin da ka a kowane shafi. Yau ya ce `sandy brown`, gobe `light brown`, jibi `golden`. A wurinsa duk abu ɗaya ne, a wurin manhajar kuwa kuregu uku ne. Da Turanci za ki rubuta, ba don Hausa ta gaza ba, sai don yawancin bayanan hotunan da aka horar da waɗannan manhajoji da su na Turanci ne, kuma a nan suka fi jin bambanci tsakanin kalma da 'yar'uwarta.

Ga kashi na farko, na Tanko:

```
a small African ground squirrel, sandy brown fur, one white stripe along each side, cream belly, tiny round ears, long flat tail, large round head, small black dot eyes set wide apart, gentle closed-mouth smile, short indigo scarf
```

Ki lura babu sunansa a ciki. Suna ba ya gaya wa manhajar komai, wani lokacin ma sai ta yi ƙoƙarin rubuta shi a jikin hoton. Babu kuma kalmar fara'a, amma fara'ar tana nan. Abin da ke sa yaro ya ji dabba ba za ta cije shi ba sananne ne ga masu zane: babban kai mai zagaye idan aka kwatanta da jiki, idanu nesa da juna, gajerun gaɓoɓi, babu kusurwa mai tsini. Baki a rufe na sa shi da gangan. Kurege na da dogayen haƙoran gaba, kuma idan kika ce ya yi dariya, manhajar za ta buɗe bakin ta zuba masa haƙora, wani lokacin irin na mutum, abin ya koma ban tsoro. Idanu kuma na zaɓi ɗigo baƙi. Na san manyan idanu masu sheƙi sun fi ɗaukar hankali a hoton farko, amma su ne suka fi wahalar tsayawa. A shafi na 3 ƙwayar ruwan ƙasa ce, a na 7 ta zama shuɗiya, a na 10 an yi masa gashin ido kamar amarya. Kuma kalmomin `big shiny eyes` sukan janyo dukkan hoton zuwa salon katun na kwamfuta mai ƙyalli, ko da kin nemi fenti. Ɗigo kuwa ɗigo ne, babu inda zai je.

Wannan ita ce dokar da nake bi a dukkan bayanin dabba: duk abin da kika ƙara, kin ƙara wurin da za a yi kuskure sau 16. Shi ya sa na ba shi ƙyalle ɗaya a wuya, launi ɗaya, babu ado. Da na sa masa hula mai aiki, ko riga mai maɓalli uku, da kin sha wahala, don aikin hular zai sauya a kowane shafi, maɓallan kuma yau biyu, gobe biyar. Ƙyallen yana da amfani biyu. Shi ne abin da yaro zai kama ya ce wannan Tanko ne, ko da fuskar ta ɗan motsa. Kuma shi ne launi mafi duhu a jikinsa, zai raba shi da ƙasa. Ki guji alamar da ke gefe ɗaya, kamar tabo a kunnen hagu. Manhajojin nan ba su riƙe hagu da dama, da ya juya tabon zai koma ɗaya kunnen.

Sai kashi na uku, na salo:

```
children's picture book illustration, gouache and colored pencil on cream paper, flat simple shapes, thin dark brown outline, even morning light, faint shadows, muted palette of sand, cream, dusty green, pale blue, terracotta
```

Abubuwa huɗu na ɗaure a nan: kayan zanen, irin layin da ya zagaye siffa, haske, da launuka. `gouache` wani fenti ne da ake damawa da ruwa amma mai kauri, yana rufe takarda ya bushe babu sheƙi. Na fi son sa a kan `watercolor` don irin aikinki. Fentin ruwa zalla yana da kyau, sai dai kyansa a malala yake, manhajar kuma takan kwaikwayi malalar da yawa, ta bar fararen gefuna a wani shafi, ta cika wani shafin taf, wani kuma ta yayyafa masa ɗigogi. Idan aka jera su sai a ga kamar mutum uku suka zana. Haske ma na tsayar da shi a na safiya. Idan labarin ya kai dare, kada ki sauya dukkan kashi na uku, ki sauya kalmomin hasken kawai zuwa `soft moonlight`, sauran su tsaya. Ban sa sunan wani mai zane ba, kuma ba na ba da shawarar a sa. Ban da cewa cin guminsa ne, sunan kan janyo har da dabbobinsa da bishiyoyin ƙasarsu su shigo miki littafi.

Maganar launi mai taushi tana buƙatar a ɗan zauna a kanta. Idan kika rubuta `pastel`, abin da zai zo shi ne ruwan hoda da shunayya mai haske da wani kore kamar na alewa, irin na ɗakin jarirai a talla. Ba laifi ba ne, amma bai dace da gonar gyaɗa ba. `muted` ta fi kusa da abin da kike nufi, wato launin da aka kashe wa kaifi. Sannan ki ambaci launukan da sunansu, kada su wuce biyar ko shida. Na zaɓi ruwan yashi, ruwan madara, kore mai ƙura irin na ganye a lokacin hunturu, shuɗi mai haske, da jan ƙasa irin na tukunya. Idan aka haɗa da shuɗin baba na ƙyallen, shida ke nan.

Haɗarin launi mai taushi shi ne komai ya narke cikin komai. Kurege ruwan ƙasa, a kan ƙasa, kusa da rumbun ƙasa: a fuskar waya za ki gan shi, don hasken wayar yana taimakonsa, amma a takarda zai ɓace. Gwajin da nake yi ba ya cin minti ɗaya. Ki buɗe hoton a wayarki, ki mayar da shi baƙi da fari, ki ajiye wayar a tebur ki ja baya taku uku. Idan har yanzu kina iya nuna inda Tanko ya ƙare da inda rumbu ya fara, hoton ya ci. Idan ya zama dunƙulen toka, ki sa wani abu mai haske ko mai duhu a bayansa, sama ko ganye, ki kuma tabbata layin gefen yana nan. Wannan gwajin ya fi muhimmanci gare ki, don na san littafin makaranta, komai daɗewa sai wani ya kai shi shagon fotokwafi. Layin gefen na ce ruwan ƙasa mai duhu, ba baƙi ba, saboda baƙi a kan launuka masu sanyi yana yin kaifi da yawa, ya kashe taushin da kike nema.

Yanzu kashi na tsakiya. Mu ce shafi na 2 ne, inda Tanko ya tsinci gyaɗa kusa da rumbu:

```
sitting upright, holding one peanut in its shell with both paws, beside a round mud granary with a thatch cap, eye-level view, character in the lower half, plain pale sky in the top third
```

Aiki ɗaya, abu ɗaya a hannu, abu ɗaya a baya. Kada ki kwafo jimlar labarin ki zuba. Idan labarin ya ce Tanko ya tuna da kakarsa sai ya yi murna ya ruga gida, manhajar za ta so ta zana tunanin da kakar da gudun duka a hoto ɗaya. Ki zaɓi lokaci guda, kamar mai ɗaukar hoto. Kuma kada ki rubuta `African village`. Abin da zai fito shi ne faɗuwar rana ja-wur, bishiya mai shimfiɗaɗɗen kai, wataƙila har da raƙumin dawa a nesa, wato hoton da ake tallata yawon buɗe ido da shi. Ki ambaci kayan ɗaya bayan ɗaya: rumbu, dangar kara `fence of dry millet stalks`, darbejiya `neem tree`, kuka `baobab`, ƙwarya `calabash bowl`. Idan wuri ɗaya zai sake dawowa a shafuka da dama, shi ma ki rubuta masa jimla ɗaya ki adana, kamar ta Tanko. In ba haka ba rumbun zai yi ta sauya hula.

Samaniyar da na bari fili a sama, wurin rubutunki ne. Kada ki yarda manhajar ta rubuta miki labarin a cikin hoton. Ko waɗanda suka ƙware da rubutun Turanci sukan yi tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ, su yanke lanƙwasar ko su ƙirƙiro harafin da babu shi, kuma idan kin ga kuskure ba ki da yadda za ki gyara sai kin sake hoton. Rubutu a manhajar tsara shafi ake sa shi, CorelDRAW da masu ɗab'inmu suka saba da ita, ko Canva idan da waya kike aiki. Ki nemi salon harafi mai suna Andika, wanda wata ƙungiyar nazarin harsuna mai suna SIL ta yi don masu koyon karatu. Kyauta ne, yana da haruffanmu masu lanƙwasa, kuma harafin a nasa irin wanda kike rubuta wa yara a allo ne.

Abubuwan da ba ki so kuma suna da nasu wurin. Idan kika rubuta `no teeth` a tsakiyar umarni, wasu manhajojin kalmar haƙora kawai suke ji, sai su ƙara masa. A manhajar zane ta Midjourney ana sa su a ƙarshe bayan `--no`, a Stable Diffusion da danginta akwai akwati daban mai suna `negative prompt`. A Midjourney wutsiyar umarnin za ta zama haka:

```
--ar 5:7 --no chipmunk, acorn, teeth, claws, text
```

To, ko kin yi duk wannan daidai, rubutu kaɗai ba zai kai ki gida ba. Zai ba ki kuregu 'yan gida ɗaya, masu kama da juna kamar wa da ƙane, amma ba mutum ɗaya ba. Abin da ke rufe sauran tazarar shi ne hoton madogara. Kafin ki taɓa shafi ko ɗaya, ki haɗa kashi na farko da na uku, a tsakiya ki sa `full body, standing, plain cream background`. Ki yi ta fitarwa har ki sami wanda kika ce wannan shi ne Tanko. Kada ki yi rowar lokaci a nan, ni nakan kashe yamma guda a kan wannan hoton kaɗai, don duk littafin a kansa zai hau. Ki duba ƙafafu huɗu ne, layin gefe ɗaya ne, ƙyallen babu ado. Ki adana shi da suna a wurin da ba zai ɓata ba. Daga nan kowane shafi za ki ba manhajar wannan hoton tare da rubutun.

Yadda ake ba ta ya danganta da wadda kike amfani da ita. A Midjourney, `--sref` da adireshin hoto yana ɗauko salo, wato launi da yanayin fenti. Don riƙe kamannin dabbar, a siga ta 6 `--cref` ake sawa, tare da `--cw` daga 0 zuwa 100, inda 100 ke ɗauko fuska da sutura, 0 kuma fuska kawai. A siga ta 7 an maye gurbinsa da `--oref`. A manhajojin da ake hira da su, irin ChatGPT da Gemini, ɗora hoton za ki yi ki ce a zana wannan dabbar, a wannan salon, tana yin kaza. Akwai kuma `--seed`, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne maganin. Ba shi ba ne. Lamba ce da ke tsayar da ɗigogin da aka fara da su, tana da amfani idan kina son gwada sauya kalma ɗaya ki ga tasirinta, amma da kin sauya abin da ke faruwa a shafin, lambar ba za ta riƙe miki fuska ba.

Ga inda mafi yawan mutane ke faɗawa, ni ma na faɗa. Sai a yi shafi na 1, a ɗauke shi a matsayin madogarar na 2, a ɗauki na 2 a yi na 3, a haka a haka. Kamar fotokwafin fotokwafi ne. Kowane mataki bambancin kaɗan ne, ido ba ya kama shi, amma idan kika ajiye na 1 kusa da na 12 za ki ga kunnuwa sun yi tsawo, kai ya ƙanƙance, launin duka ya koma ruwan ɗorawa kamar tsohuwar jarida. A manhajojin hira abin ya fi saurin faruwa idan aka yi dukkan littafin a zaure ɗaya, ana cewa yanzu sa shi ya yi kaza, yanzu kaza. Kullum ki koma ga hoton asali. Idan kin ga launi ya fara karkata, ki buɗe sabuwar hira, ki sake ɗora asalin da rubutun gaba ɗaya.

Na taɓa yi wa wata makaranta ɗan littafi mai akuya. Na duba shafukan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, kowanne ya yi kyau, aka buga. Ranar da na kai musu, wata yarinya da ba ta fi shekara shida ba ta buɗe, ta kai tsakiya, ta koma baya, ta sake dawowa, sannan ta ɗago ta ce, “Malam, ina ƙararrawarta ta tafi?” A shafi biyu babu ƙararrawar wuyan akuyar, ni kuma ban gani ba, don ban taɓa jera su wuri ɗaya ba. Tun daga ranar ba na kai aiki maɗaba'a sai na fitar da dukkan shafukan ƙanana a takarda ɗaya, na bi su da biro abu ɗaya a lokaci ɗaya: zagaye na farko kunnuwa kawai nake kallo, na biyu jela, na uku abin wuya, na huɗu in ƙirga ƙafafu da yatsu. Ke kina da abin da ba ni da shi, aji guda na masu binciken da ba sa jin kunyar faɗa. Ki nuna wa uku daga cikinsu kafin ki biya kuɗin bugu.

Idan labarinki yana da dabba ta biyu, misali zabuwa, ki shirya wa sabuwar rigima. Siffofi sukan tsallaka daga wannan zuwa wancan: ƙyallen Tanko ya koma wuyan zabuwa, ɗigogin zabuwa su bayyana a bayan Tanko. Ki yi mata nata bayanin da nata hoton madogara, ki faɗi wanda ke hagu da wanda ke dama, kuma ki zaɓi abokin da siffarsa ta yi nisa da ta kurege. Kunkuru ko zabuwa sun fi zomo sauƙi. Idan ya ƙi, ki zana kowanne shi kaɗai a kan fili ki haɗa su a manhajar tsara shafi. Da salo mai shimfiɗaɗɗen launi irin wanda muka zaɓa, ɗinkin ba ya nunawa. Haka kuma idan hoto ya yi kyau sai abu ɗaya ya lalace, kada ki jefar da shi. Yawancin manhajojin suna ba da damar a shafa wurin da ya ɓaci a sake zana shi kaɗai, abin da za ki gani da sunan `inpainting` ko `Vary Region`.

Saura girman hoto, wanda gara ki san shi tun yanzu da ki gama shafi 16 mai ɗab'i ya dawo miki da su. Na ɗauka girman A5 za ki yi, rabin takardar A4, milimita 148 a 210. Idan hoton zai cika shafi har baki, ana ƙara milimita 3 a kowane gefe don wuƙar yanka, ya zama 154 a 216. Shi ya sa na sa `--ar 5:7`, don kusan daidai yake da wannan. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan fiksel 1,819 a 2,551. Manhajoji da yawa kuwa hoton da suke bayarwa bai wuce fiksel 1,024 ko sama da haka kaɗan a gefe ba, kuma 1,024 a wannan ma'aunin bai kai santimita 9 ba. Dole a ƙara masa girma, abin da ake kira `upscale`. Ki yi wa dukkan shafukan da hanya ɗaya, kuma ki zaɓi wadda ba ta ƙara ado, domin wasu sukan ƙirƙiro gashi da ƙyalli da babu su, su ɓata miki shimfiɗaɗɗen fentin. Kada ki aika wa mai ɗab'i hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse su. Ki aika a matsayin fayil.

Shafi 16 ɗinki ya faɗa daidai, tunda littafin da ake ninkewa a ɗinke da waya a tsakiya huɗu-huɗu yake tafiya. Ki tambayi mai ɗab'in ko bango yana cikin lissafin ko daban ne, kuma ki tuna shafin suna zai ci ɗaya, wataƙila hotunan da kike buƙata ba za su kai 16 ba. Kafin a buga duka, ki ce ya fitar miki da shafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita. Allon waya da haske yake haɗa launi, injin bugu kuma da tawada huɗu, takarda marar sheƙi tana shan tawadar ta dusashe ta. Shuɗin samaniya mai haske shi ya fi shan wahala, wani lokacin ya fito kamar toka. Idan kin ga haka, ba sai kin sake zana komai ba. A ɗan ƙara wa dukkan shafukan ƙarfin launi da ma'auni ɗaya, a sake fitar da shafin nan, ki fita da shi tsakar gida ki duba shi a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba.